Dala ɗari da manet biyu: jawabin shugaban wata fada a Tawa da abin da ya biyo baya

Fadar da zan ba da labarinta tana zama ne a ƙofar gidan wani Alhaji, maƙwabcina, a wata unguwa cikin garin Tawa. Samari 24 ne a rubuce, ko da yake da wuya ka tarar da fiye da 18 a dare ɗaya. Akwai tela, akwai 'yan kabu-kabu uku, akwai mai gyaran waya, sauran kuma 'yan makaranta ne da masu jiran lokacin tafiya bida. Ni malamin lissafi ne, kuma da yawansu sun bi ta ajina, shi ya sa har yau Mushe suke ce mini, kuma in magana ta haɗa da ƙidaya sukan aiko a kira ni.

Shekaru da dama abin da fadar ta mallaka bai wuce tabarma biyu, benci, butar shayi da kwalin karta ba. Sai yayan wani daga cikinsu, wanda ke zaune a Abijan, ya aiko da na'urar wasan bidiyo PS4 ƙarama, irin siririyar nan da ta fito a 2016, wadda aka riga aka yi amfani da ita, da manet biyu, wato abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasan, da faifan wasan ƙwallo na FIFA 23. Ya ce ta fada ce, ba ta ƙanensa ba. Alhaji ya yarda a sa tele a zaurensa a ja wuta daga kontarsa. Cikin mako uku aka yi faɗa sau biyu, ɗaya har da ɓarin shayi, kuma sandar hagu ta manet guda ta fara jan ɗan wasa gefe ba tare da an taɓa ta ba. Ranar da Alhaji ya ce in aka sake tashinsa daga barci zai kulle zauren, shugaban fadar ya kira taro.

Shugaban telan ne, ɗan shekara 27, mai sanyin magana. Daren wata Juma'a ce a watan Afrilu, bayan isha, ana tsakiyar zafin bazara. Ya bari aka sha shayin farko, sannan ya miƙe da 'yar takarda a hannu. Ban naɗi maganarsa ba, amma ina wurin, kuma takardar tana hannuna yanzu. Kusan haka ya faɗa:

"'Yan uwa, salamu alaikum. Abin nan da yayanmu ya aiko mana amana ce, kuma zauren nan na Baba ne, ara mana ya yi. Daga gobe ga yadda za mu yi. Ana kunnawa daga huɗu da rabi zuwa shida da rabi, a kashe a tafi salla, a sake kunnawa takwas da rabi zuwa sha ɗaya. Da rana ba wasa, ko ni na ce a kunna kar a kunna. Duk wanda ya zo ya rubuta sunansa a kaye, da hannunsa, ba a rubuta wa wanda bai iso ba. Rabin wasa minti 6. Wanda ya ci ya zauna, amma in ya yi wasa biyu ya tashi, ko shi ne gwanin duniya. Ƙannenmu masu jarrabawa bana, sai Asabar da Lahadi. Wanda manet ta lalace a hannunsa shi zai biya. Makulli yana wurin ma'aji. Sannan nan da mako biyu za mu yi gasa, mutum 16, kowa dala ɗari. Na ɗaya jika 4, na biyu jika 2, saura na fada. Wanda ke da magana ya yi yanzu."

Ga wanda bai saba da lissafinmu na Nijar ba: dala ɗaya sefa 5 ce, saboda haka dala ɗari sefa 500 ke nan, jika kuwa sefa 1,000.

Ba wanda ya yi magana. Aka tafa, aka zuba shayi na biyu. Na tafi gida ina ganin yaron ya yi ƙoƙari, kuma har yanzu haka nake gani. Amma cikin dokokin nan wasu sun zauna daram tun daren farko, biyu kuma sun kusa raba fadar, kuma da na koma na duba sai na ga bambancinsu ɗaya ne. Waɗanda suka zauna, kowa na iya duba su da idonsa, a agogo ko a kaye. Waɗanda suka jawo rigima su ne masu bukatar wani ya yanke hukunci a kan kuɗin wani.

Dokar layi ita ce ta fi burge ni, domin ko bai sani ba ya yi lissafi mai kyau. Wasa mai rabi na minti 6 ba minti 12 yake ci ba. In ka haɗa zaɓen ƙungiya, gyaran 'yan wasa, maimaicin ƙwallo da gardamar da ke biyo baya, ya kai minti 18. Lokacin da ya ware awa huɗu da rabi ne a yini, wato minti 270, wasa 15 ke nan. A tsarin da suke bi da can, na wanda ya ci ya yi ta zama, mutum biyu ne ke farawa sannan kowane wasa mutum ɗaya ke shigowa, jimla 16. Amma ba adadin ne ke ɓata rai ba. Gwani ɗaya, ɗan kabu-kabun nan da ba a iya masa, yana iya riƙe manet guda tun la'asar har sha ɗaya, sauran jama'a suna bi ta ɗayar ana lallasa su. Da aka ce wasa biyu a tashi, in gwanin ya ci na biyunsa sai kujeru biyu su zama fanko lokaci guda. Mutum uku ke nan a kowane wasa biyu, kuma a haka yini ɗaya na iya ɗaukar har mutum 23. Da a ce an yi dokar kowa ya tashi bayan wasa ɗaya, da an samu gurbi 30, amma da wasan ya rasa gishirinsa, tunda cin ba ya ƙara maka komai. Ya tsaya a tsakiya, kuma tsakiyar ta yi daidai da yawan masu zuwa.

Sharaɗin rubuta suna da hannunka shi ya toshe ƙofar son kai. Kafin nan sai ka ji "na kama wa wane layi", wanen kuwa yana can tasha yana jiran fasinja. Abu ɗaya aka ƙara daga baya: in an kira sunanka ba ka nan, ba a soke ka, ana mai da kai ƙasa da mutum biyu, domin wani fita ya yi kama ruwa.

Dokar hana wasan rana ma ba a yi gardama a kanta ba bayan mai gyaran waya ya nuna musu dalili. Kamfanin Sony ya rubuta cewa na'urar tana aiki ne tsakanin digiri 5 zuwa 35, mu kuwa a Afrilu da Mayu zafin Tawa yana haye 40, balle cikin zaure mai rufin kwano. Alamar farko ƙarar fanka ce, ka ji tana huci kamar za ta tashi sama. In aka matsa, sai saƙo ya fito a tele cewa ta yi zafi da yawa, fitilarta ta koma ja, ta mutu. Ya ɗaga ta ya ɗora a kan bulo biyu don iska ta ratsa, ya janye ta daga jikin bango tunda ta baya take fitar da zafi, ya kuma hana rufe ta da ƙyalle sai ta huce, domin wani mai kyakkyawar niyya ya kasance yana lulluɓe ta saboda ƙura tana cikin aiki. Ya koya musu bambancin kashewa da kwantarwa: in fitilar ta zama ruwan lemo, tana cikin abin da allon ke kira `Mode repos`, ba ta mutu ba, kuma zare waya a wannan hali daidai yake da ɗaukewar kuran. Doka ta zama a zaɓi `Éteindre la PS4`, a jira fitilar ta daina ƙiftawa ta mutu gaba ɗaya, sannan a zare a sa cikin akwatin ƙarfe.

To, sai manet. "Wanda ta lalace a hannunsa shi zai biya" magana ce mai daɗin ji, har ana cewa ai adalci ke nan. Kwana takwas bayan jawabin, wani yaro ɗan aji huɗu na koleji ya karɓi manet ranar Asabar, ana minti na ashirin sai maɓallin R2, wanda ake dannawa don gudu, ya lotsa bai dawo ba. Nan take aka ce ya biya. Ma'aji ya riga ya tambayo a kasuwa, ta hannu mai ɗan kyau jika 15 ce. Yaron da kuɗin karyawarsa bai wuce dala ashirin ba. Ya ajiye manet ɗin, ya sa takalminsa, bai ce uffan ba ya fita. Washegari yayansa, wanda shi ma ɗan fadar ne, ya zo ya ce wa shugaba: "Yaya, wata uku aka yi ana matsa abin nan a Abijan ko shekara uku, ba mu sani ba. Mako huɗu manya na matsa shi a nan. Sai a hannun ƙaramin cikinmu za a ce ya mutu?"

Gaskiyarsa. An bar jaki ana dukan taiki. Mai gyaran waya ya buɗe manet ɗin a gabanmu a kan tabarma, ya nuna wata 'yar siririyar waya mai lanƙwasa, ba ta kai tsawon farce ba, wadda ke mai da R2 wurinsa. Ta karye ne don gajiya. Haka ma sandar da ke jan ɗan wasa gefe: a ƙarƙashin kowace sanda akwai 'yan na'urori biyu masu auna inda aka karkata ta, kuma da goga suke aiki, don haka kowane wasa yana ɗan cinye su, ƙurar hunturu da ta bazara kuma tana ƙara musu. Babu mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ne. Lalacewar manet iri biyu ce, kuma ana iya bambanta su. Ta ganganci tana zuwa da shaida: an ga jifa, an ji faɗuwa, roba ta tsage, ko an fizgi waya ana caji har bakin ya girgiɗe. Ta tsufa kuwa tana zuwa a hankali, jiya tana ɗan yi, yau ta ƙaru. Dokar shugaba ta haɗa su a kwando ɗaya, sai ta zama kamar wasan 'yar ɓoyo, kowa na addu'ar kar ta mutu a hannunsa. Na ga wani ya karɓi manet, ya ji sandar na ɗan ja, ya yi shiru ya gama wasansa ya miƙa wa na baya. Dokar da aka yi don kare kaya ta koya wa mutane ɓoye laifin kayan.

A nan aka kira ni, muka zauna da shugaba da ma'aji da biro da takarda. Abin da ya ba su mamaki shi ne wutar da suke ta jin nauyin Alhaji a kanta ba ita ce babbar ɗawainiya ba. Na'urar da tele tare ba su wuce wat 150 ba. Awa huɗu da rabi a yini bai kai kilowat ɗaya ba, a wata kusan 20. Ko an yi wa kowane kilowat kuɗi sefa 100, jika 2 ne. Manet kuwa, a irin wannan aiki na wasa 15 kullum, in ka samu wata shida ba ta nemi gyara ko canji ba ka gode Allah. Sai aka soke dokar aka kawo wata: duk wanda ya rubuta suna a kaye ya jefa dala biyar a gwangwani, sau ɗaya a yini komai yawan wasansa. Mutum 15 a yini sefa 375 ne, a wata ya doshi jika 10 in an cire ranakun da ba wuta. A ba Alhaji jika 2, saura a tara. Wanda ba shi da ita ranar, ya share zaure ko ya dafa shayi, a rubuta masa. Biyan kuɗin manet gaba ɗaya ya rage a kan wanda mutum biyu suka ga ya jefar ko ya taka. Waccan 'yar wayar ta R2 kuma, mai gyara ya ciro daga wata matacciyar manet a shagonsa, bai karɓi ko sisi ba. Yaron dai sai da shugaba ya je har gidansu sannan ya dawo.

Maganar gasar ita ce ta fi nauyi, kuma ta fito ta inda shugaba bai zata ba.

Matsalar farko ƙarama ce. Ya ce mutum 16, sai 22 suka kawo kuɗi, kuma bai faɗi yadda za a zaɓa ba. Ya so ya mayar wa shida na ƙarshe kuɗinsu, sai ya ga cikinsu har da ƙanen wanda ya aiko da na'urar. Lissafin kuwa ba wuya. A gasar da wanda aka ci yake fita, kowane wasa mutum ɗaya yake fitarwa, don haka yawan wasanni shi ne yawan mutane a cire ɗaya: mutum 16 wasa 15, mutum 22 wasa 21. Don a dawo 16 sai a yi wasan share fage guda 6, mutum 12 su kara, 10 su wuce kai tsaye, kuma ƙuri'a ce za ta raba, ba shugaba ba. Wasan gasa yakan kai minti 20 saboda ƙarin lokaci da bugun fenariti, saboda haka 21 awa bakwai ne. Ba zai yiwu a yini ɗaya ba in ana mutunta dokar zafin rana, sai Asabar da Lahadi. Wasu sun so a yi rukuni-rukuni kamar gasar cin kofin Afirka don kowa ya yi wasa uku. Na nuna musu ko da mutum 16 ne, rukuni huɗu wasa 24 ne, a ƙara 7 na gaba, 31 ke nan, sama da awa goma a kan tele ɗaya. Suka haƙura.

Matsala ta biyu kalmar "saura na fada" ce. Da mutum 16 sauran jika 2 ne, ba wanda ya damu. Da mutum 22 kuɗin ya zama jika 11, sauran ya zama jika 5, ya fi kyautar na ɗaya. Nan aka fara ƙus-ƙus a bayan shugaba: me za a yi da su, wa ke riƙe da su, ashe tela ya buɗe sabuwar sana'a. Mutumin bai ci ko dala ba, na sani, amma ya faɗi abin da za a karɓa da abin da za a bayar, bai faɗi abin da za a kashe ba, kuma duk gurbin da aka bari a lissafi zato ne ke cika shi.

Ta ukun Alhaji ne ya kawo ta. Ya ji labari wajen jikansa, ya kira shugaba bayan sallar asuba, ni ma ina tsaye. Ya ce: "Ɗana, kowa ya zuba dala ɗari, mutum guda ya kwashe jika huɗu, sauran su tashi hannu rabbana. Mene ne sunan wannan a Hausa?" Shugaba ya sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ai ba sa'a ba ce, iyawa ce." Alhaji ya ce masu karta ma haka suke cewa, kuma a zaurensa ba za a yi caca ba.

Shugaba ya ji zafin kalmar, ya tafi wajen limamin masallacin unguwa, yana tsammanin za a ce masa Alhaji ya tsananta. Liman bai ɗaga murya ba. Ya karanto masa ayar Suratul Ma'ida, ta 90, wadda ta haɗa giya da caca, sannan ya ce abin dubawa ba ko wasan na iyawa ne ko na sa'a ba. Abin dubawa shi ne daga ina kyautar ta fito. In kowane mai shiga ya sa kuɗinsa, kuma yana tsakanin ya ci na wasu ko a ci nasa, to siffar caca ta cika ko da wasan na gwaninta ne. Ya ce hadisi ya keɓe tseren dawaki, na raƙuma da harbi, kuma ƙwallon tele ba ta cikinsu. Amma in wani daga waje, wanda ba ya cikin masu karawa, ya sa kyauta don ransa, wannan kyauta ce. In kuma an karɓi kuɗi don ɗawainiyar taron, aka kashe su a kan ɗawainiyar, ba a mai da ko dala cikin kyautar ba, wannan karo-karo ne irin na walima. Ya ƙara da cewa sharaɗinsa shi ɗaya ne, kar ya ji ihun "gol" ana kiran salla. Ni ba malamin addini ba ne, abin da na ji na faɗa, kuma na san akwai malaman da suka fi shi tsanani a kan wasan kansa. Amma rabewar da ya yi tsakanin kuɗin ɗawainiya da kuɗin kyauta ita ta warware har matsala ta biyu, wadda ba ta addini ba ce.

Daren Laraba shugaba ya sake tsayawa. Wannan jawabin bai kai rabin na farko ba, kuma a ganina ya fi shi. Ya fara da cewa: "'Yan uwa, na yi kuskure a maganar kuɗin gasa, Baba ya gyara mini." Sannan ya ce kuɗin shiga ya koma dala hamsin, kuma ma'aji zai mayar wa kowa dala hamsin a daren. Ya ɗaga kwali da aka rubuta da babban baƙi, aka manna a bangon zaure: mutum 22 sau sefa 250, jimla 5,500. Aron ƙaramin gurup, wato injin ba da wuta, na kwana biyu, 1,000. Esans lita 3, 1,500. Shayi, sukari, gawayi da ƙanƙara, 1,000. Wutar Alhaji, 500. Gwangwanin manet, 1,500. In ba a ƙona esans ɗin duka ba, abin da ya rage ya shiga gwangwani, a faɗa a gaban kowa. Kyauta kuwa, yayan Abijan da aka kira a waya ya yi dariya ya ce shi zai turo kuɗin rigar ƙwallo ta na ɗaya, wani mai shago a bakin titi ya sa kwalin shayi da sukari na na biyu. Shugaba da kansa ya cire sunansa daga gasar don ya zama alƙali, aka ba wani gurbinsa.

Mutum biyu sun karɓi kuɗinsu duka suka fita, suka ce su don jika 4 suka shiga, ba don riga ba. Ɗaya gwanin nan ne ɗan kabu-kabu. Wasu biyu suka maye gurbinsu nan take, yaran da dala ɗari ta fi ƙarfinsu amma hamsin ba ta fi ba.

Duk da haka akwai abin da jawabi biyun suka manta. An tanadi gurup saboda ɗaukewar kuran, amma ba a faɗi hukuncin wasan da wuta ta yanke ba. Ranar Lahadi, a zagayen 'yan takwas, wani yana cin 2 da 0, agogon wasa na nuna minti na 70, sai ɗif. Kafin a ja gurup a kunna, na'urar ta tsaya duba ma'ajiyarta kamar yadda takan yi in an kashe ta ba bisa ƙa'ida ba, wasan kuma ya tafi. Mai ci ya ce a ba shi, wanda ake ci ya ce minti ashirin sun isa rama biyu, a sake daga farko. Kowa da magoya bayansa, kuma duk hukuncin da aka yanke a lokacin an san wanda zai amfana, shi ya sa ya yi wuya. Shugaba ya yi shiru ya fi minti ɗaya, sannan ya ce a buɗe sabon wasa da ƙungiyoyin nan dai, a buga rabi ɗaya kawai, a ɗora a kan 2 da 0. Wanda ake ci ya samu minti 45 maimakon 20, mai ci ya riƙe ƙwallayensa. Ba wanda ya ji daɗi sosai, aka yi. Ya ƙare 2 da 1. A daren aka rubuta a kaye: in wuta ta ɗauke kafin hutun rabin lokaci a sake wasan daga farko, in bayan hutu ne a buga rabi ɗaya da sakamakon da ake kai, kuma alƙali ya riƙa rubuta kowace ƙwallo da mintinta. Suka kuma koyi cewa a ranar gasa gara a fara da gurup tun farko da a jira ɗaukewa, ko da esans zai ƙaru da lita ɗaya ko biyu.

Telan ya ce mini daga baya abin da ya fi damunsa shi ne shirun daren farko. Ya ce "wanda ke da magana ya yi yanzu", ba wanda ya yi, ya ɗauka an yarda. Na ce masa a gaban manya, bayan an tafa, wane ƙane ne zai ɗaga hannu ya ce Yaya dala ɗari ta yi yawa? Yanzu in zai kawo doka yakan faɗe ta ranar Juma'a, a manna a bango, ba ta fara aiki sai Juma'a mai zuwa, kuma yawancin gyaran a shagonsa ake kawo masa shi, mutum ɗaya ɗaya, yana kan keke.

Rigar ta tafi hannun wani ɗan aji uku da ba wanda ya sa a lissafi. Gwanin bai sake rubuta sunansa a kaye ba, ko da yake yakan tsaya da babur ɗinsa a sha shayi da shi, yana kallon tele ta gefen ido yana faɗa wa mai manet inda ya kamata ya ba da ƙwallo. Da aka buɗe gwangwani ƙarshen Mayu an tarar da sefa 11,850 bayan an cire na Alhaji, kuma gardamar da ake yi yanzu ita ce a ƙara a sayi manet ta uku ko a fara sayen fanka.